Kuɗin Hoton Biki: Daga Ina Lissafin Yake Fitowa?

"Nawa kake ɗaukar biki?" Da wannan tambaya kusan kowane ciniki yake farawa tsakanin mai hoto da uwar biki, kuma mai hoton da ya san sana'arsa ba ya amsa ta da lamba. Shi ma tambaya yake mayarwa: "Hajiya, kwana nawa za a yi? A ina da ina? Albam nawa ake so?" Wasu iyayen biki sukan ɗauki wannan a matsayin jan rai, ko dabarar auna nauyin aljihu. Alhali kuwa kalmar biki a ƙasar Hausa ba ta da ma'auni ɗaya. Wani gidan ɗaurin aure da walima ne kawai, kafin la'asar an watse. Wani gidan kuma a fara da sa lalle, a yi kamu, a yi yini, a ɗaura aure, a yi dina, sannan a kai amarya wani gari a yi buɗar kai. Duka biyun sunansu biki, amma aikin da ke cikin na biyu ya ninka na farko sau da yawa.

Saɓanin ya samo asali ne daga yadda muka saba sayen hoto tun da. A zamanin fim, naɗi ɗaya hoto 36 yake ɗauka, a kai wurin wanki, a kawo wa kowa nasa ya biya kuɗin kwafi. Abin da mutum ya riƙe a hannu shi ya saya, lissafi a bayyane. Har yau akwai masu wannan tsari a bakin ɗakunan taro: su ɗauke ki kina shiga, kafin a tashi sun wanko sun shimfiɗa a ƙasa, ki zaɓi naki ki biya. Sana'a ce mai zaman kanta. Amma wanda aka ɗauka musamman ya bi biki daga farko zuwa ƙarshe ba takarda yake sayarwa ba, lokacinsa yake sayarwa, kuma mafi yawan lokacin nan ba a gaban masu biki yake ƙarewa ba. Saboda haka farashin gaskiya ƙafa huɗu gare shi: awannin ɗauka, awannin gyara, tafiya, da albam.

Bari mu ƙaddara wani biki mu bi shi tiryan-tiryan. Amarya 'yar Kano ce, ango ɗan Zariya. Za a yi kamu ranar Alhamis, a ɗaura aure bayan sallar Juma'a, a yi dina daren Asabar, ranar Lahadi a kai amarya Zariya a yi buɗar kai. Duk alƙaluman kuɗin da za su biyo baya misali ne don a ga yadda lissafin yake tafiya. Kowane mai hoto sai ya cire nawa ya sa nasa, gwargwadon garinsu da kayan aikinsa.

Kafin a ƙirga awa, sai an san kuɗin awa

Yawancin matasan da suka shiga sana'ar nan farashin maƙwabci suke kwafa. Wane yana karɓar kaza, ni bari in rage kaɗan in samu aiki. Ba su san ko wanen ma faɗuwa yake yi ba. Hanyar da ta fi tsaro ita ce mutum ya fara daga abin da wata guda yake ci masa.

A ce kayan aikin mai hotonmu, wato kyamara biyu, gilasan kyamara, fitilu, batura, katunan ajiya da kwamfuta, sun tasar wa naira 3,600,000, kuma yana sa ran cikin shekara uku zai buƙaci sauya su. Ke nan duk wata naira 100,000 tana narkewa daga jikin kayan, ko ya ji ko bai ji ba. Kyamara ba ta dawwama. Marufin da ke buɗewa ya rufe duk lokacin da aka danna yana da iyakar da kamfani ya ƙiyasta masa. Canon 5D Mark III da Nikon D750, alal misali, an ƙiyasta musu danni 150,000. Wanda yake danna dubu uku a kowane biki, biki hamsin ya kai shi bakin wannan iyaka. Sai a ƙara wata naira 100,000 ta hayar shago, man janareta, data, kuɗin manhajar gyara da zirga-zirgar cikin gari. Sannan abin da shi kansa yake so ya kai gida, a ce naira 300,000. Jimla naira 500,000 a wata.

Yanzu awa nawa zai iya sayarwa? Nan ne mutane suke ruɗin kansu. Biki yana da kaka. Ana cunkoso kafin azumi, ana cunkoso bayan salla da ƙarshen shekara, watan azumi kuwa kusan shiru ne. Idan aka baje shekara gaba ɗaya, a ce yana samun awa 100 ta aikin biya a wata. Naira 500,000 a raba gida ɗari, awa ɗaya ta kama naira 5,000. A cikinta naira 2,000 ba tasa ba ce, ta kayan aiki da shago ce. A riƙe wannan dubu biyun, za mu dawo kanta.

Awannin da kowa yake gani

Katin gayyata ya ce kamu ƙarfe huɗu. Mai hoto kuwa tun ƙarfe biyu yana gidan amarya, domin ana son hoton kwalliya, da na lalle, da na sarƙa da takalmi kafin a saka, da na amarya da mahaifiyarta kafin gida ya cika. Ba zai naɗe kayansa ba sai wajen takwas na dare. Awa shida ke nan, a taron da uwar biki take lissafa shi awa uku. Ɗaurin aure gajere ne, amma gaisawar maza da hotunan dangi da abokan ango sukan kai shi awa uku. Dina awa bakwai, daga ɗakin da ake shirya amarya zuwa fitar ango da amarya. Buɗar kai awa huɗu. Jimla awa 20, naira 100,000.

Tambayar da ke haddasa rigima ita ce: daga yaushe agogo yake fara aiki? Amsar da ta fi adalci ita ce daga lokacin da aka ce wa mai hoto ya zo, kuma ya zo. Idan an ce dina ƙarfe bakwai amma amarya ba ta shigo ba sai tara da rabi, zaman da ya yi yana jira ba hutu ba ne, domin ba shi da ikon zuwa wani aikin. Mun san halinmu da lokaci, ba sai an ɓoye ba. Shi ya sa ya kamata a rubuta kuɗin ƙarin awa tun farko, kuma mai hoto ya tunkari wanda ya ɗauke shi aiki kafin lokacin ya cika, ya ce, "Hajiya, saura rabin awa lokacinmu ya ƙare, in ci gaba?" Wannan ya fi a ce bayan sati biyu ya riƙe hotuna yana neman cikon da ba a san da shi ba. Haka shi ma idan ya makara, a cire masa.

Mutum ɗaya ba ya iya dina. Ana buƙatar yaro mai riƙe fitila da tsaron jaka, a ce naira 10,000 kowane taro, taro huɗu naira 40,000. A gidajen da ba a yarda namiji ya shiga ɗakin amarya ko tsakiyar taron mata ba, sai an nemi mace mai hoto, kuma kuɗinta ya fi na mai riƙe fitila, domin ita ma da kyamararta take zuwa. Wannan magana ce da ya kamata a yi ta ranar ciniki, ba ranar kamu a bakin ƙofa ba.

Awannin da ba wanda yake gani

An watse, an kai amarya, kowa ya koma gida yana hutawa. A lokacin mai hoto yake fara aiki mafi tsawo.

Ya dawo da hoto kamar 3,000. Ƙwararru suna ɗauka ne a tsarin RAW, wanda yake adana duk abin da kyamara ta gani, don a samu damar gyara haske da launi daga baya. Kowane ɗaya yakan kai megabait 25 zuwa 30 a kyamara matsakaiciya, ke nan bikin nan kaɗai ya doshi gigabait 90. Kwashe su zuwa kwamfuta, da yin kwafi na biyu a wata ma'ajiya daban, awa biyu. Kwafi na biyun nan ba ƙawa ba ne. Kati yana lalacewa, kwamfuta tana mutuwa, ana sace jaka, kuma ba a sake ɗaura aure don hoto ya ɓata.

Sai tankaɗe da rairaya. Dole ya kalli kowane hoto ya yanke hukunci: wannan ido a rufe, wannan ya yi dishi-dishi, wannan wata ta miƙo waya ta tare fuskar amarya. Ko daƙiƙa biyar ya ba kowanne, awa huɗu ta wuce. A ce ya tsira da 500.

Ɗari biyar ɗin nan kowanne sai an daidaita masa haske da launi, galibi a Lightroom. Bikinmu yana da wahalar da wanda bai zauna gaban kwamfuta ba ba zai gane ba. A ɗaurin aure, rana tsaka ce, maza sanye da farar shadda mai ƙyalli, fuskoki kuma baƙaƙe a ƙarƙashin inuwar hula. Idan aka bi hasken fuska, aikin da ke wuyan babbar riga ya ɓace ya zama fari fat. Idan aka bi riga, fuska ta nutse. A dina kuma masu ado sun kunna fitilu shuɗi da shanshanbale suna juyawa, fatar amarya ta koma wani launi da Allah bai halitta ba, gwal ya koma kamar tagulla. Ana iya gyara hoto ɗaya a kwafa gyaran a kan 'yan'uwansa da aka ɗauka cikin haske ɗaya, amma da fitila ta juya sai a sake sabo. Minti ɗaya da rabi kowane hoto, awa 12 ke nan da ɗoriya.

Daga nan sai gyara mai zurfi, wanda ake yi a Photoshop hoto ɗaya bayan ɗaya: share ƙurji da gumi, kwantar da hodar da ta tsage, cire wayar lantarki ko robar ruwa da ta shigo bayan amarya, gyara bakin mayafi. Hoto ɗaya yakan ci minti ashirin, na jama'a ya fi haka, domin kowace fuska aikinta daban. Idan an yi alkawarin guda 40, awa 13 ce. A ƙara awa uku ta waya, da turawa, da "don Allah a ɗan rage min kumatu". Jimlar aikin bayan fage awa 34, naira 170,000. Ya fi kuɗin ɗaukar kanta, kuma haka ya kamata ya kasance.

A nan ne ake gane aikin araha. Wanda ya karɓi kuɗin da bai kai ba, ba zai iya rage awannin taro ba tunda ana ganinsa, sai ya rage na gyara. Alamomin a fili suke: fuska ta yi sumul kamar roba babu ramin gashi ko ɗaya, wuya da hannu launinsu daban da na fuska, leshi ɗaya ya fito kala uku a shafi uku. A ganina ma yawan haskaka fatar amarya da ake yi yanzu ɓarna ce da ake biya da kuɗi. Bayan shekara ashirin 'ya'yanta za su buɗe albam su ga wata mata da ba su sani ba. Amma wannan zaɓin mai hoto da mai biki ne. Abin da ya shafi lissafi shi ne a rubuta adadin hotunan da za a yi wa gyara mai zurfi, da kuɗin kowane ƙari. Idan ba a rubuta ba, amarya tana zaton duka ɗari biyar, mai hoto yana nufin ashirin.

Hanya

Daga Kano zuwa Zariya kusan kilomita 150 ne, zuwa da dawowa 300. Motar da take cin lita ɗaya a kilomita goma za ta sha lita 30. Idan an saye lita a naira 1,000, naira 30,000 ke nan, a ƙara 10,000 ta abinci da wahalar mota. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, wannan ɓangare ya daina zama abin da mai hoto zai ce "a bar shi kawai". Shi ya sa ya fi kyau a rubuta shi da lita, a biya da farashin ranar tafiya.

Abin da aka fi mantawa shi ne lokacin da ke kan hanya. Ayarin kai amarya ba ya sauri: a jira wannan, a tsaya salla, a koma ɗauko abin da aka manta. A ce awa shida zuwa da dawowa. Da yawa suna cajin rabin kuɗin awa a kan zaman mota, tunda kayan aiki suna cikin jaka ba sa lalacewa, wato naira 15,000. Tafiya gaba ɗaya ta kama naira 55,000. Masu biki sukan ce ai ga mota, ya shiga cikin ayari. Wannan ya ɗauke kuɗin mai, bai ɗauke na lokaci ba, kuma sai a tabbatar akwai motar da za ta dawo da shi, kada a bar shi da jakar miliyoyi a tasha da dare. Idan tafiyar ta kai Abuja ko Sakkwato, kwana ya shigo, sai a sa masauki, a kuma tuna ya rasa ranar da zai iya ɗaukar wani bikin. Idan ta tsallaka Maraɗi ko Damagaram, a fayyace tun farko da naira za a biya ko da sefa.

Albam na farko da na biyu

Albam ɗin zamani ba irin na da ba ne da ake zura hoto a leda. Shafukan kansu ake bugawa a manna a kan kwali mai kauri, kuma girman 12x36, wato inci goma sha biyu a tsaye da talatin da shida idan an buɗe, yana cikin waɗanda aka fi nema. Kuɗinsa kashi biyu ne. Akwai tsarawa: zaɓen hoton da zai shiga, jera labarin daga kamu zuwa buɗar kai, kula kada fuskar wani ta faɗa daidai tsakiyar naɗi. A ce awa shida, naira 30,000. Akwai kuma kuɗin maɗaba'a da bango da akwati, a ce naira 70,000. Albam na farko naira 100,000.

Sai uwar ango ta gani ta ce ita ma tana so. Nan ake samun saɓani, domin mutane suna zaton na biyu ya kamata ya zo rabin kuɗi tunda "an riga an yi aikin". Abin da aka riga aka yi tsarawa ce kawai. Maɗaba'a ba ta san na biyu ba ne, takarda da tawada da bango duk sabbi za ta sa. Idan kwafi ne sak, a cire dubu talatin ta tsarawa, a sa dubu goma ta kaiwa da ɗaukowa da dubawa, da wata dubu goma ta kasada, domin idan ya fito da aibi mai hoto ne zai sake bugawa daga aljihunsa. Ya kama naira 90,000. Wanda yake son sauƙi na gaske sai ya nemi ƙaramin kwafi mai tsari iri ɗaya, wanda maɗaba'a za ta buga a kan kamar 40,000, ya iso hannu a 55,000.

Amma sau da yawa ba kwafi uwar ango take nufi ba. So take a rage ƙawayen amarya, a ƙara danginsu na Zariya, a sa hotonta da ƙannenta a shafin tsakiya. Wannan sabon albam ne, da sabuwar tsarawa, wataƙila da sabon gyara, tunda hotunan da take so ba sa cikin arba'in ɗin farko. Cikakken kuɗi ne, kuma gara a faɗa mata haka cikin ladabi tun kafin a fara.

Wani abu kuma: takardar hoto da tawada daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala. Wanda ya yi cinikin albam a farkon 2023, lokacin da dala take ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati, ya zo bugawa a 2024 bayan ta haura 1,500, ya san abin da ya same shi. Kuma amare suna da jinkirin zaɓen hoto, wata sai ta haihu take tunawa. Don haka a sa wa farashin albam wa'adi, kamar wata biyu daga ranar da aka miƙa hotuna, bayan nan a bi farashin da maɗaba'a take kai.

Idan aka haɗa

Ɗauka 100,000, mataimaki 40,000, gyara 170,000, tafiya 55,000, albam ɗaya 100,000. Jimla naira 465,000, a kan aikin awa 66.

To, a ce mai hotonmu bai yi wannan lissafi ba, aka tambaye shi nawa, ya ce dubu ɗari uku, aka taya ɗari biyu da hamsin, ya sallama yana murna. Kuɗin da za su fita daga hannunsa kai tsaye, na mai da abinci 40,000, na yaro 40,000, na maɗaba'a 70,000, sun kai 150,000. Saura 100,000 a kan awa 66, kusan naira 1,500 kowace awa. Mun riga mun ga kayan aiki da shago kaɗai suna cin 2,000 a awa. Ke nan bai samu ko sisi na ladan kansa ba, kyamararsa yake ci a hankali bai sani ba, sai ranar da ta tsaya ya rasa kuɗin sauya ta. Irin wannan ciniki shi ke haifar da mai hoton da ya karɓi biki uku rana ɗaya ya tura yara, da wanda wata shida ana bin sa albam yana kashe waya. Ba duka ne macuta ba. Wasunsu da kuɗin bikin gaba suke buga albam ɗin bikin baya.

Amfanin warware farashi gida-gida ga mai biki shi ne ya ga inda zai rage ba tare da ya lalata aikin ba. A rage gyara mai zurfi daga 40 zuwa 15, an sauke awa takwas, naira 40,000. A bar mai hoton Kano a Kano, a nemi na Zariya ya ɗauki buɗar kai, an huta da kuɗin hanya, sai dai a yarda launin hotunan biyu ba lallai ya zo ɗaya ba. A ɗauke shi awa ɗaya a ɗaurin aure maimakon uku. A dakata da albam sai bayan biki idan aljihu ya farfaɗo. Wurin da bai kamata a taɓa ba shi ne kwafi na biyu na ajiya da daidaita launi na gaba ɗaya.

Duk wannan sai ya shiga rubutu, ko da saƙon WhatsApp ne da kowa ya amsa da "na yarda": ranaku da lokutan zuwa da tashi, kuɗin ƙarin awa, adadin hotuna da na gyara mai zurfi, wanda zai ɗauki nauyin hanya, girman albam da yawan shafukansa, ranar miƙa aiki, da kafin alƙalami da abin da zai faru da shi idan an ɗaga biki. A ƙara da ko an yarda ya sa hoton amarya a shafinsa na talla, domin gidaje da yawa ba su yarda ba, kuma haƙƙinsu ne. Ke uwar biki, idan mai hoto ya faɗa miki lamba ɗaya dunƙule, ki ce ya warware miki ita gida huɗu kafin ki ba shi ko naira ɗaya. Wanda ya kasa warwarewa, ki nemi wani.